Waƙafin da Ya Kashe Manhajar 'Yar Lolo Ranar Gabatarwa

Lolo, a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, gari ne da kuɗi iri biyu ke zama a aljihu ɗaya. Da an ƙetara iyaka an shiga Madekali ta Jamhuriyar Benin, gaba kaɗan kuma ga babbar kasuwar Malanville. Mai shinkafa, mai albasa, direba da ɗan kabu-kabu, kowa yakan wayi gari da naira ya yini da sefa, kuma abin da ake tambayar ɗan canji kullum shi ne nawa jika take yau, wato naira nawa ake ba da sefa dubu ɗaya. Duk ɗalibin kwamfuta da ya tashi a irin wannan gari, idan aka ce ya gina manhajarsa ta farko, da wuya tunaninsa bai fara zuwa kan canji ba.

Labarin da ke tafe na misali ne, amma matsalar da ke cikinsa ta gaskiya ce, duk mai wayar Android da kwamfuta zai iya haddasa ta da hannunsa ya gani.

Wata ɗaliba 'yar Lolo, da ke karatun kimiyyar kwamfuta a ɗaya daga cikin manyan makarantun jihar, ta gina manhajar canji da harshen Kotlin a cikin Android Studio. Aikinta ba shi da sarƙaƙiya. Mutum zai rubuta farashin jika, manhaja ta raba shi gida dubu ta nuna farashin sefa ɗaya a wani gurbi, domin mai son gyarawa ya gyara. Sai ya rubuta yawan sefar da ke hannunsa, ya danna maɓallin lissafi, kuɗinsa su fito a naira. Ta gwada a wayarta har ta gaji, ta gwada a wayoyin ƙawayenta na ɗaki, ko sau ɗaya ba ta ga tangarɗa ba.

Da safiyar ranar gabatarwa sai ramin cajin wayarta ya ƙi riƙe kebul, ga shi kuma ta kebul ɗin ne za a haska fuskar wayar a majigi. Allah ya sa yayanta, mai fataucin albasa zuwa Malanville, ya shigo gari da kaya. Ta kira shi hankali a tashe.

"Yaya, don Allah ka ara mini wayarka ta awa biyu, tawa ta ƙi."

"Ba komai, ƙanwata. Sai dai fa Faransanci take yi, can na saye ta, haka na saba da ita."

Ba ta ɗauki maganar da wani nauyi ba. Manhajarta da Hausa take magana, me ya haɗa ta da Faransanci? Ta tura manhajar cikin wayar, ta buɗe, ta ga fuskar farko ta fito tsaf, ta rufe ta nufi aji. Da aka kira sunanta ta yi bayani mai kyau, ta rubuta 2500 a matsayin farashin jika na misali, ta rubuta sefa 45000, ta danna maɓalli. Manhaja ta ɓace, hoton bangon wayar yayanta ya bayyana a jikin allo. Ta sake buɗewa, ta sake dannawa, ta sake ɓacewa. Aji ya yi tsit, sai ƙus-ƙus daga baya.

"Malam, wallahi jiya da dare tana aiki," in ji ta, muryarta na rawa.

Malamin ya taso ya dubi allo. Bai tambaye ta komai game da jiya ba. Ya ce ta sake rubuta farashin jika amma kada ta danna komai, sannan ya nuna mata gurbin farashin sefa ɗaya da bakin biro. A wayarta kullum `2.50` take gani a wurin. Yau `2,50` ne a rubuce.

Duk abin da ya faru yana cikin wannan ɗan waƙafi. A tsarin Ingilishi da Najeriya ke bi, ɗigo ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, waƙafi kuma ya raba dubbai. A tsarin Faransanci da Benin da Nijar ke bi, waƙafi ne ke raba lamba da ɓurɓushi, dubbai kuma a raba su da ɗan fili. Wayar Android ta san wannan bambanci, kuma tana bin harshen da mai ita ya zaɓa. Ga layuka biyun da ɗalibar ta rubuta, ɗaya na nunawa, ɗaya na karantawa:

```kotlin
gurbi.setText(String.format("%.2f", farashi))
val f = gurbi.text.toString().toDouble()
```

Layin farko yana sauraron harshen waya. Idan ba a faɗa masa tsarin da zai bi ba, sai ya ɗauki na wayar da yake ciki, shi ya sa ya rubuta ɗigo a wayarta, ya rubuta waƙafi a ta yayanta. Layi na biyu kuwa ba ruwansa da harshen kowa. `toDouble()` ɗigo kaɗai ya sani, ko a Kano yake ko a Kwatano. Da aka miƙa masa `2,50` sai ya ce wannan ba lamba ba ce, ya jefa kuskuren da ake kira `NumberFormatException`. Tun da babu inda aka tanadi abin yi idan hakan ta faru, Android ta rufe manhajar gaba ɗaya. Ma'ana manhajar ce ta rubuta abu da hannunta, ta dawo ta kasa karanta shi. A wayoyin ƙawayenta kuwa, da yake duk Ingilishi suke yi, layukan biyu sun dace da juna bisa sa'a kawai, shi ya sa gwajin da ta yi ta yi bai tona komai ba. Wayoyi goma masu saiti iri ɗaya, a wannan fanni, daidai suke da waya ɗaya.

Abin takaicin shi ne Android Studio yakan yi gargaɗi a kan irin layin farkon nan. Yana shafa masa launin rawaya, a ƙarƙashin binciken da ake kira `DefaultLocale`. Ɗalibai da yawa sun ɗauka ja ne kaɗai abin tsoro, tun da shi ke hana manhaja haɗuwa, rawaya kuwa ado ne. Wannan ɗabi'a ce da ya kamata malamai su kashe tun a zangon farko.

Malamin nan idonsa ya gane waƙafi saboda ya saba. Ɗalibin da bai saba ba fa? Shi ma yana da hanyar da ta fi zato da canki-canki, domin manhajar Android ba ta mutuwa ba ta bar wasiyya ba. Kafin ta rufe, tsarin yana rubuta sunan kuskuren da layin da ya auku a wani kundi da ake kira `Logcat`. Don a kai gare shi a wayar aro, ana shiga `Settings`, a nemi `About phone`, a danna `Build number` sau bakwai a jere. Wannan zai fito da `Developer options`, a can a kunna `USB debugging`, a haɗa waya da kwamfuta, a amince da tambayar da za ta fito a fuskar wayar. Sannan a rubuta wannan umarni a kwamfuta:

```
adb logcat -b crash
```

Kada a kashe wayar a sake kunna ta kafin a yi wannan. Mutane sun saba da cewa maganin kowace matsalar waya shi ne a kashe a kunna, amma kundin nan a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake zaune, da an kashe waya ya tafi. Idan ma ya tafi, sai a sake haddasa mutuwar bayan an haɗa kebul.

Abin da ɗalibar ta gani bayan an tashi daga aji ya kai layi ashirin ko fiye, yawancinsu sunayen cikin Android ne da ba su shafe ta ba. Uku ne kawai nata:

```
FATAL EXCEPTION: main
java.lang.NumberFormatException: For input string: "2,50"
    at ...MainActivity.lissafa(MainActivity.kt:42)
```

Karatun wannan yana da ƙa'ida mai sauƙi. A fara neman `FATAL EXCEPTION`, nan ne farkon labari. Ƙasa da shi kaɗan akwai sunan kuskuren, kuma sau da yawa har da ainihin abin da ya shaƙe manhajar a tsakanin alamun zance, kamar yadda `"2,50"` ya fito ƙarara a nan. Daga nan a gangara cikin layukan da suka fara da `at`, a tsallake duk masu farawa da `java` ko `android`, har a iso na farko mai ɗauke da sunan fayil ɗin da mutum ya rubuta da kansa. Lambar da ke ƙarshensa, 42 a nan, ita ce layin da za a buɗe. Idan an ga `Caused by` a can ƙasa, to a ba shi muhimmanci, domin galibi shi ne tushen, na saman reshe ne. Wanda ya iya wannan karatu zai gano cikin minti biyar abin da wani zai kwana yana lalube.

Sai maganar gyara, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Gyaran da ke fara zuwa ran kowa shi ne a musanya kowane waƙafi da ɗigo kafin a karanta, wato `replace(",", ".")`. Da wannan `2,50` zai koma `2.50`, manhaja ta daina mutuwa, kowa ya yi murna. To amma ɗan kasuwar Bagudo da ya rubuta `2,500` yana nufin dubu biyu da ɗari biyar fa? Manhaja za ta karanta masa biyu da rabi, ta yi lissafi da shi, ta fito da amsa ba tare da ko tari ba. Haka ma wanda ya cire waƙafin gaba ɗaya: shi kuma `2,50` na mutumin Madekali zai zama ɗari biyu da hamsin. A manhajar kuɗi, wadda ta mutu ta fi wadda ta ba da amsar ƙarya sauƙin illa nesa ba kusa ba, domin ta farko kunya kawai ta jawo, ta biyu kuwa tana iya haɗa amintattu biyu rigima a gaban ɗan canji. Nannaɗe layin da `try` da `catch` a bar cikin `catch` ɗin fayau shi ma bai magance komai ba, maɓalli ne zai koma ana danna shi ba ya motsi.

Gyaran gaskiya yana farawa da raba abu biyu da ɗalibar ta cakuɗa: lambar da ake lissafi da ita, da rubutun da ake nuna wa mutum. Lamba ta zauna a ma'ajiyarta a cikin manhaja. Idan za a nuna ta, a yi mata ado da tsarin wayar mai kallo, ɗan Benin ya ga `112 500`, ɗan Najeriya ya ga `112,500`, kowa ya karanta yadda ya saba. Amma kada a sake ɗauko wannan rubutu mai ado a mayar da shi cikin lissafi. Idan kuma lamba za a adana a fayil ko a aika wa wata na'ura, a ɗaure ta da tsari ɗaya da ba ya canzawa, kamar `Locale.ROOT`, don abin da wayar Faransanci ta ajiye wayar Ingilishi ta iya buɗewa.

A wannan manhaja ta musamman kuwa, akwai mafita da ta fi duk wannan sauƙi, kuma a bakin 'yan canjin Lolo take. Babu ɗan canjin da ke cewa sefa ɗaya naira biyu da rabi. Farashin jika suke faɗa, cikakkiyar lamba ba ɓurɓushi. Ita kanta sefa ba a kashe ɓurɓushinta a kasuwa, kwabo ma ya daɗe da barin hannun mutane. Gurbin farashin sefa ɗaya da ya jawo abin kunyar nan, tun asali babu mai bukatarsa. Sai ta goge shi, ta sa wa sauran guraben biyu `android:inputType="number"` don madannin lambobi zalla ya riƙa fitowa, ta sake rubuta lissafin haka:

```kotlin
val sefa = gurbinSefa.text.toString().toLongOrNull()
val jika = gurbinJika.text.toString().toLongOrNull()
if (sefa == null || jika == null) {
    amsa.text = "Rubuta lambobi zalla"
} else {
    amsa.text = String.format("%,d", sefa * jika / 1000)
}
```

`toLongOrNull()` ba ya jefa kuskure. Idan abin da aka ba shi ba lamba ba ne sai ya dawo da `null`, manhaja ta sami damar yi wa mutum magana da ladabi maimakon ta ɓace. Wannan ya toshe wata kafar da ɗalibar ba ta ma san da ita ba, domin a tsohon rubutun ko a wayarta, da wani ya danna maɓalli gurbi yana fayau, kuskure iri ɗaya ne zai kashe manhajar. Da sabon rubutun, sefa 45,000 a kan jika 2,500 ta ba da naira 112,500, a wayarta da ta yayanta baki ɗaya.

A lura da abu biyu a layin lissafin. Ninkawa ta riga rabawa, kuma da gangan ne, domin rabawar cikakkun lambobi tana zubar da saura. Da an fara raba sefa 45,250 gida dubu, 45 za a samu, sefa 250 su salwanta, amsa ta fito 112,500 maimakon 113,125. Na biyu, an yi amfani da `Long`, ba `Int` ba, kuma wannan ya fi na farko haɗari. `Int` ba ya iya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. Mai karatu zai ce wa ke canjin biliyan biyu a Lolo? Ai ba amsar ƙarshe ce ke cika ma'ajiyar ba, ninkin tsakiya ne. Mai albasar da ya dawo da sefa 900,000, idan aka ninka da 2,500, an sami 2,250,000,000 kafin a raba, kuma wannan ya haura iyaka. Kotlin ba zai yi gargaɗi ba, manhaja ba za ta mutu ba, lambar ce za ta zagayo ta ɓangaren ƙasa da sifili, allo ya nuna wa bawan Allah `-2,044,967` a inda ya kamata ya ga naira 2,250,000. Ɗalibin da ke gwaji da sefa dubu biyar ko dubu goma ba zai taɓa cin karo da wannan ba, ɗan kasuwa na gaske kuwa zai same shi a makon farko. Irin wannan cikar ma'ajiya ce, a babban mataki, ta hallaka rokar Ariane 5 ta Turai a tashinta na farko ranar 4 ga Yuni 1996, lokacin da aka tura lamba mai girma cikin ma'ajiyar da ta yi mata kaɗan.

Da ɗalibar ta ɗauki minti ɗaya a bakin ƙofar aji ta yi lissafi ɗaya cikakke a wayar yayanta, da ta ga matsalar kafin kowa. Buɗe manhaja a ga fuskar farko ba gwaji ba ne. Gwaji shi ne a bi duk matakan da za a nuna, daga farko har amsa ta fito, a kan ainihin wayar da za a riƙe, da kebul ɗin da za a haɗa. Don haka ya kamata a tsayar da wayar gabatarwa tun kwana biyu kafin ranar, a tanadi ta biyu da aka riga aka gwada, a kuma daina taɓa rubutun manhajar tun jajibiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran tsakar dare da ba a sake gwadawa ba ya kunyata ɗalibai fiye da tsofaffin kurakurai.

A cikin kwana biyun nan, mutum ya zama abokin gāban manhajarsa. Ya shiga `Settings`, ya sauya harshen waya zuwa Faransanci, ya yi lissafi. Ya sauya zuwa Larabci ya sake yi, domin a wasu saitunan Larabcin har siffar lambobin kanta canzawa take yi, kuma masu wayar Larabci ba su da wuyar samu a garuruwanmu. Ya bar gurbi fayau ya danna. Ya rubuta sifili, ya rubuta lamba mai tsawon gaske. Ya juya wayar a kwance ana tsakiyar aiki, saboda Android tana rushe fuskar manhaja ta sake gina ta idan an juya, abin da ba a adana ba ya zube. Idan manhajar tana ɗauko wani abu daga intanet, ya kashe data ya ga me za ta ce. Wannan na ƙarshe ya fi shafar mutanen bakin iyaka, inda sabis ke zuwa ya ɗauke, wani lokaci ma waya ta kama layin ƙasar maƙwabta. Duka wannan bai wuce aikin rabin awa ba. Bayan an gama, a naɗi bidiyon fuskar waya na minti biyu manhajar tana aiki, a ajiye shi a kwamfutar da za a haɗa da majigi.

Idan duk da haka ta mutu a gaban jama'a, sake gwadawa sau ɗaya ya isa. Abin da ya kashe ta karo na farko da na biyu zai kashe ta karo na biyar, kuma kowane karo yana cin lokaci yana ƙara ruɗa mai gabatarwa. "Jiya tana aiki" magana ce ta gaskiya, amma ba ta gaya wa malami komai. Abin da ya fi shi ne mutum ya faɗi abin da ya gani da abin da ya bambanta yau da jiya: "Malam, ta mutu ne daidai lokacin da na danna lissafi, kuma wannan ba wayar da na yi gwaji da ita ba ce. A ba ni dama in nuna bidiyon, sannan in buɗe kundin kurakurai mu ga layin." Malamin da ya san aikinsa zai fi gamsuwa da ɗalibar da ta buɗe `Logcat` a gabansa ta nuna layi na 42, a kan wanda manhajarsa ta yi aiki sumul amma aka tambaye shi yadda take aiki ya kama inda-inda.

Ga malaman da ke koyar da gina manhaja a Birnin Kebbi, Aliero, Dakingari da sauran makarantun yankin, akwai roƙo. Jihar Kebbi ta yi iyaka da ƙasashe biyu masu aiki da Faransanci, Benin da Nijar, kuma manhajojin ɗalibanta za su shiga wayoyin mutanen Malanville da Gaya ko an so ko ba a so ba. A ajiye waya ɗaya a ɗakin gwaji da aka saita ta da Faransanci, a sa kowane firojet ya bi ta kanta kafin a ba shi ranar gabatarwa, a kuma ware maki na musamman ga ɗalibin da ya iya karanta kundin kurakuransa ya nuna layin da matsalar take.